Wasiƙar Mai Jego: "Umma, Ki Zo Mini Wata Guda"

A ƙasar Hausa ba a saba mai jego ta roƙi a zo mata ba. Mai cikin fari gida take tafiya goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta, ta yi wanka har arba'in, sannan a mayar da ita ɗakinta da gara. Idan kuwa a gidan miji ta haihu, sai a turo gwaggo ko kaka ta zauna da ita, domin uwa tana jin nauyin kwana a gidan surukinta. Yau aiki da karatu sun kai 'ya'ya mata Abuja da Legas da Yamai, gwaggonni kowa da hidimarta, sai ga 'ya tana neman abin da kunya ta daɗe tana hanawa.

Wata ƙanwata da aka yi wa tiyata aka ciro mata ɗa a Abuja ta nuna mini abin da ta rubuta wa mahaifiyarta a Funtuwa. Bayan gaisuwa ta ce:

"Umma, yau kwana huɗu da aiki. Ba na iya sunkuyawa in yi wa jariri wanka, tashi daga gado ma sai an kama ni. Hutun Baban yaro mako biyu ne. Ina roƙon ki zo kafin suna, ki yi mini wata guda. Ya riga ya kira Baba ya nemi izini, kuɗin mota na hanya, ɗakin baƙi kuma mun gyara miki, da banɗakinsa a ciki. Likita ya ce kada a gasa wurin ɗinki da ruwan zafi, kunu kuma banda kanwa, saboda jinina ya hau."

Abin da ya burge ni shi ne ba ta bar wa uwar komai da za ta yi ta juyawa a rai ba. Ta faɗi ranar zuwa da tsawon zama, don Umma ta san wa za ta bar wa girki da ƙannen da ke makaranta. Ta sa mijinta ya bi ta wajen Baba, kada a ce 'ya ta ɗauke uwarta daga gidan aure da saƙon waya. Ɗakin nan mai banɗaki kuwa shi ne maganin kunya: uwa ba za ta riƙa cin karo da suruki da buta a hannu ba.

Jimlar ƙarshe ta fi sauran nauyi, kuma gara a faɗe ta tun kafin Umma ta ɗaure ƙullin kanwarta. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya, suka alaƙanta yawansa da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya hau, zuciyar da ta sha aikin wata tara ta ƙara ɗaukar kaya. Uwa ba da mugunta take damawa ba, abin da aka yi mata ne take yi wa 'yarta. Shi ya sa ƙanwar tawa ta jingina maganar ga likita, ba ta ce "ba na so" ba. Haka ma cibiya: maimakon gashi da tsumma mai zafi, asibiti kan ba da maganin shafawa, kuma ya kamata kaka ta ga yadda ake sa shi da idonta.

Aikin da ya fi girki da wanki a watan nan shi ne sa ido. Mai jego da ba ta samun barci ba ta cika lura da kanta ba. Uwa ce za ta ga jini ya jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko zazzaɓi da wari, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin ƙafa da haki idan an kwanta. Ita za ta lura jariri ya daina kama nono ko idonsa ya yi rawaya. Kowane ɗaya daga ciki na asibiti ne a ranar, ko da arba'in ba ta cika ba. Akwai kuma 'yar da za ta yi ta kuka ba dalili har ya wuce mako biyu. Wannan ma ciwo ne, yana da magani.

Umma ta iso ana gobe suna, da daddawa da yaji da ƙullin kanwa duk da haka. Kanwar ta ƙare a miyar kuka. Da wata ya cika ta ƙara kwana goma sha biyu da kanta, ta ce ba za ta tafi ba sai ta raka jikanta rigakafin mako shida.