Takardar Da Ke Manne A Jikin Ma'aunin Zafi: Wa Ya Ce Sai Shekara Guda?

A ɗakunan sanyi na ajiyar allurar rigakafi, kusan kowane ma'aunin zafi yana ɗauke da 'yar takarda mai kwanan wata biyu: ranar da aka gwada daidaitonsa da ranar da za a sake. Galibi wata 12 ne tsakani, kuma mutane da yawa sun ɗauka ɗakin gwaji ne ya yanke haka. Amma ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta 2017 ta hana ɗakin gwaji rubuta shawarar tazara a kan takardar sakamako, sai in sun yi yarjejeniya da mai kayan. Nauyin na mai na'ura ne, domin shi ya san aikin da take yi da wahalar da take sha.

To, da me zai yanke? Da farko, da tarihin gocewar na'urar.

A ɗauka ga ma'auni a ɗakin da dole zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, kuma kuskuren da aka yarda masa bai wuce digiri 0.5 ba. An gwada shi a digiri 5 shekara uku a jere, ba a taɓa saitinsa ba. A karon farko ya nuna ƙarin 0.1, a na biyu 0.2, a na uku 0.3. Duk ukun ya ci jarrabawa, kuma mai duba tambarin "ya yi" kawai zai ajiye takardun ya kama gabansa. Wanda ya jera lambobin kuwa zai ga na'urar tana hawa 0.1 duk shekara. Shi kansa gwajin yana da nasa rashin tabbas, a ce 0.1, don haka iyakar da za a yi aiki da ita 0.4 ce. Shekara ɗaya kacal ta rage. Wannan ma'auni ba na ƙarin tazara ba ne, gyara yake bukata ko a rage masa lokaci.

Inda ya karkata ma abin dubawa ne. Tunda sama yake ƙarawa, idan ya nuna 2.2, ainihin zafin 1.9 ne. Yana ɓoye sanyi ke nan, alhali daskarewa tana lalata allurai irin na ciwon hanta nau'in B, kuma lalacewar ba ta gyaruwa.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai takardar ta nuna karatun da aka tarar kafin a gyara na'urar. Ɗakin gwajin da ya fara gyarawa sannan ya rubuta sakamako ya shafe tarihin, ya bar mai kaya da lambobi masu kyau marasa amfani.

Abu na biyu shi ne girman abin da ke rataye a kan karatun. Ga wani ma'aunin irinsa sak, wanda ya nuna 0.1, sai 0.0, sai 0.1. Jagorar ILAC-G24, wadda kuma ake kira OIML D 10, ta kawo hanyar hawa mataki-mataki: idan kuskuren da aka tarar yana cikin wani kaso na iyaka, misali kashi 80 cikin 100, ana iya ƙara tazara, idan ya fita a rage. Da a ma'ajiyar kwalaye yake, wata 18 ba laifi. Amma a ɗakin rigakafi, ƙarin wata shida ƙarin wata shida ne na alluran da za a yi shakkarsu idan ya baci. Mai hankali ba zai ƙara ba sai da duba na tsakani, kamar tsoma bakin ma'aunin duk wata cikin niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ruwa mai tsabta, wanda ke ba da digiri 0, a rubuta abin da ya nuna.

Sai ranar da sakamako ya dawo da cewa na'ura ta wuce iyaka. A ce ma'aunin farko ya zo da 0.7 a gwaji na huɗu. Tsalle na 0.4 a shekara guda ba gocewar da aka saba ba ce, don haka a binciki dalili: ya faɗi ne, ruwa ya shiga bakinsa, ko wayar ta samu rauni? Idan faɗuwa ce, rage tazara ba zai hana wata faɗuwar ba, riƙo da wurin ratayewa za a gyara. Idan kuwa tsufa ne, a mayar da shi wata shida, kuma kada a koma 12 sai ya ci gwaji a jere bayan gyara. Wanda ya faɗi sau biyu a gwaji uku gara a sauya shi.

Aikin da ya fi ɗaci shi ne na waiwaye. Dole a ɗauko rajistar zafi tun daga ranar ƙarshe da aka tabbatar da lafiyar ma'aunin, a cire 0.7 daga kowane karatu, a ga ranakun da ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 2 da alluran da ke ciki a lokacin. Inda ake duban ƙanƙara duk wata, binciken na iya tsayawa a makonni huɗu. Inda ba a yi, rajistar shekara guda ce za a bi shafi-shafi.