Mata Biyu Sun Isa Su Rushe Hujja

A ce matan wata unguwa sun taru za su kafa adashi, ana neman wadda za ta riƙe kuɗin. Sai ɗaya ta ce: "Ai ba wahala. Kowace a cikinmu tana da wadda ta amince da ita a nan. Ke nan akwai wadda dukkanmu muka amince da ita, ita za mu ba uwar adashi." Maganar ta yi daɗin ji, amma kunne mai kaifi zai ji akwai inda aka yi tsalle. Abin da ya rage shi ne yadda za a nuna tsallen ƙarara, ba tare da doguwar gardama ba.

Ilimin mantiƙi yana da hanya. Malamansa suna kiran maganganun da aka dogara da su muƙaddima, abin da aka ciro daga cikinsu kuma natija. Hujja tana inganta ne idan babu wani hali ko ɗaya da muƙaddimomi za su zama gaskiya natija ta zama ƙarya. Don haka mai son rushe hujja hali ɗaya tak yake nema. Sai ya gina wata 'yar ƙaramar duniya, ya faɗi su wane ne a cikinta da abin da ke tsakaninsu, ya nuna cewa a cikinta muƙaddima ta tsaya, natija ta faɗi. Bari mu kira ta duniyar ƙaryatawa. Ba dole ta yi kama da unguwar da ake magana a kai ba, domin ginin hujjar ake gwadawa, ba halin matan ba.

A mantiƙin mataki na farko, wanda tushensa ke cikin littafin da Gottlob Frege ya wallafa a 1879, ana rubuta hujjar haka:

```
∀x ∃y R(x,y)
∴ ∃y ∀x R(x,y)
```

Alamar ∀ tana nufin "kowace", ∃ tana nufin "akwai wata", R(x,y) kuma "x ta amince da y". Layukan biyu ba su bambanta da komai ba sai wanda aka gabatar tsakanin alamomin nan biyu. Duk rikicin a nan yake.

Daga ƙasa ake farawa. A duniya mai mace ɗaya, Asabe, muƙaddima ta tilasta ta amince da wata, kuma ba kowa sai ita kanta. Ke nan ga wadda kowa ta amince da ita, natija ta tabbata. Mace ɗaya ba ta isa ba.

Mu ƙara Binta. Yanzu tambayoyi huɗu ne: Asabe ta amince da kanta? Ta amince da Binta? Binta ta amince da Asabe? Ta amince da kanta? Kowace amsarta i ko a'a, wanda ya ba mu duniyoyi 16. Mai haƙuri yana iya bin su ɗaya bayan ɗaya, amma ya fi sauƙi a fara da ƙaryata natija, domin ita ce ke ɗaure hannu. Idan babu wadda kowa ta amince da ita, dole a sami wadda ba ta amince da Asabe ba, a kuma sami wadda ba ta amince da Binta ba. To, a ce Asabe ta amince da Binta kaɗai, Binta kuma da Asabe kaɗai. Sai a koma a duba da natsuwa. Asabe tana da wadda ta amince da ita? Tana da. Binta fa? Ita ma. Muƙaddima ta tsaya. Kowa ta amince da Asabe? A'a, ita kanta ba ta cikin masu amince mata. Haka ma Binta. Natija ta faɗi, hujja ta rushe. Cikin duniyoyin nan 16, muƙaddima gaskiya ce a 9, a 7 daga cikinsu natija ma gaskiya ce. Biyu ne kawai ke ƙaryatawa: wannan, da wadda kowace ta amince da kanta ita kaɗai.

A nan mai hujjar za ta yi wuf ta ce: "Haba, yaya, wa yake maganar amincewa da kai? Nufina kowace ta amince da wata dabam, kuma akwai wadda duk sauran suka amince da ita." Ta yi gaskiya, kuma a ganina wannan ne babban amfanin aikin: yana sa mai magana ta fito da abin da ta bari a ciki. Sai dai yanzu sabuwar hujja ce, kuma dole a sake gwaji. Da mata biyu, hanya ɗaya ce ta rage: Asabe ta amince da Binta, Binta da Asabe. "Duk sauran" game da Asabe Binta ce kawai, kuma ta amince da ita. Natija ta tabbata. Wanda ya tsaya a nan zai ce gyaran ya yi, kuma zai yi kuskure. A shigo da Ladi, a yi zobe: Asabe ta amince da Binta, Binta da Ladi, Ladi da Asabe, ba ƙari. Kowace tana da mutum ɗaya mai amince mata, alhali biyu ake bukata. Hujjar ta sake faɗuwa, sai dai a wannan karo mata uku ta ci.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne barin gurbi. Sai mutum ya rubuta cewa Asabe ta amince da Binta, ya yi shiru kan Asabe da Ladi, can gaba ya ɗauki amsar da ta yi masa daɗi. Duk tambaya sai an ba ta amsa kafin a fara duba. Na biyu shi ne murnar ganin natija ta faɗi har a manta da sake duba kowace muƙaddima a kan kowane mutum.

Har ina za a ci gaba da ƙara mutane? Idan hujja ba ta da alaƙa tsakanin biyu, siffofi kawai take da su irin "ɗan kasuwa ne" ko "mai gaskiya ne", akwai iyaka sananniya, wadda ta samo asali daga aikin Leopold Löwenheim na 1915. Siffofi uku suna raba mutane iri 8 ne kawai, don haka idan ba a sami ƙaryatawa a duniyoyin da ba su wuce mutum 8 ba, babu ita ko'ina. Da zarar alaƙa ta shigo, lissafi sai ya kumbura: mutum uku duniyoyi 512, huɗu 65,536, biyar fiye da miliyan 33. Shi ya sa aka rubuta manhajoji irin Mace4 ta William McCune, masu bin ƙananan duniyoyi da sauri.

Amma ko na'ura tana da inda take tsayawa. Ga muƙaddimomi uku: kowane abu akwai wanda ya fi shi, babu abin da ya fi kansa, idan na farko ya fi na biyu, na biyu ya fi na uku, to na farko ya fi na uku. Natija: akwai wanda ya fi komai. A duniya mai iyaka, idan ka bi sahun "wanda ya fi", dole wata rana ka dawo kan wanda ka riga ka wuce, ya zama ya fi kansa, abin da aka hana. Muƙaddimomin ba za su taɓa haɗuwa a can ba, don haka bincike ba zai samo komai ba ko da an kai mutum dubu. Duk da haka hujjar ɓatacciya ce. Lambobin ƙirga, 1, 2, 3 har abin da ba ya ƙarewa, sun cika sharuɗɗan uku, kuma babu lambar da ta fi duka. A 1936 Alonzo Church da Alan Turing, kowa da hanyarsa, suka tabbatar cewa babu wata dabara guda da za ta yanke hukunci kan kowace hujja a wannan mantiƙi.