Kwalara: Yadda Ake Auna Ƙarancin Ruwa a Jiki da Yadda Ake Mayar da Shi

Duk wanda ya taɓa shiga tantin jinyar masu amai da gudawa a tsakiyar damina zai fara lura da gadajen wurin. Kowane gado an shimfiɗa masa leda, an huda rami a tsakiyarsa, an ajiye bokiti a ƙarƙashin ramin, ga kuma wani bokitin a wajen kai domin amai. Abin da ke zuba a ciki fari ne tsululu, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Bokitin nan ba don tsafta kaɗai aka ajiye shi ba. Ma'auni ne. Da shi ma'aikacin lafiya yake sanin yawan ruwan da ya fita daga jikin majinyaci, domin ya san yawan da zai mayar.

Ƙwayar cutar kwalara ba ta cin hanji, ba ta kuma shiga jini. Takan maƙale a bangon ƙaramin hanji ta fitar da wata guba, gubar ta sa hanjin ya riƙa kwararo da ruwa da gishirin jiki ba ƙaƙƙautawa. Babban mutum na iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya idan abin ya yi tsanani. Wanda ya yi sallar asuba lafiya ƙalau yana iya kasa tsayuwa kafin azahar. Saboda haka rashin ruwa ne ke kisa. Cikin waɗanda cutar ta tsananta wa, idan ba a mayar musu da ruwa ba, rabinsu na iya rasuwa. Idan kuwa aka mayar a kan lokaci, mace-macen kan sauka ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari. A shekarar 2021 Najeriya ta lissafa mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wannan adadi ya zarce kashi uku cikin ɗari, wato mutane da yawa sun makara wajen isa asibiti, ko kuma sun isa ba a ba su isasshen ruwa ba.

A lokacin ɓarkewar annoba babu sararin jiran sakamakon gwaji. Majinyata na shigowa a baro da a kan babur, wasu a goye. Ido da hannu su ne kayan aikin ma'aikaci, kuma cikin minti ɗaya ko biyu ake son ya yanke hukunci. Yakan fara da duban yanayin mutum: a farke yake, ko yana ta mutsu-mutsu da ƙorafi, ko kuwa ya yi laƙwas, sai an girgiza shi yake buɗe ido? Sai ya dubi idanu, ko sun faɗa. A nan yana da kyau a tambayi uwa, "Mama, haka idonsa yake dama?" domin wasu yaran haka halittarsu take. Daga nan ya miƙa kofi. Mai shan ruwa yadda aka saba daban, mai wawurar kofi yana kwankwaɗa daban, wanda ya kasa haɗiya kuma shi ne abin tsoro. Sai ya tsunkuli fatar ciki, tsakanin cibiya da gefe, da babban yatsa da manuni, ya ɗaga ta na daƙiƙa ɗaya ya saki. Fatar mai isasshen ruwa nan take take komawa. Idan ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa biyu, ruwan jiki ya yi nisa da tafiya. Ƙarshe ya taɓa jijiyar wuyan hannu, ya ji ko bugun yana da ƙarfi, ko yana sauri, ko ya ɓace.

Da waɗannan alamu Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa majinyata gida uku. Akwai wanda yake gudawa amma alamun rashin ruwa ba su bayyana ba. Akwai mai matsakaicin rashin ruwa, wanda aka ga aƙalla biyu daga cikin rashin natsuwa, faɗawar ido, ƙishirwa mai tsanani, saurin bugun jijiya da jinkirin komawar fata. Sannan akwai mai tsananin rashin ruwa. Shi wannan alama ɗaya tak ta isa a sa shi a rukunin, idan ta kasance sumewa ko laƙwas, ko raunin bugun jijiya, ko numfashi da ƙyar. Haka nan idan biyu suka haɗu daga faɗawar ido, kasa sha da fatar da ta ƙi komawa.

Tsunkulin fata yana da ruɗi, kuma a ƙasarmu ruɗin nan ya fi yawa. Fatar tsoho da ta yaron da tamowa ta ƙarar takan yi jinkirin komawa ko da ruwan jikinsu bai ragu ba. Yaron da ya kumbura saboda rashin abinci mai gina jiki, da mai ƙiba, fatarsu na komawa da sauri alhali ruwa ya ƙare musu. Ma'aikacin da ya dogara da fata kaɗai zai ɗura wa yaro mai tamowa ruwa ta jijiya fiye da yadda raunanniyar zuciyarsa za ta ɗauka. A irin waɗannan yara sai a fi ba da ƙarfi ga labarin uwa, ga bugun jijiya da sanyin tafin hannu, a kuma tafi a hankali ana dubawa a kai a kai.

Mutane da yawa suna raina ruwan gishiri da sukari, wanda ma'aikata ke kira ORS. A ganinsu, in ba a rataya leda an sa ƙarin ruwa ba, ba a yi magani ba. Ni a wurina wannan raini yana cikin abubuwan da suka fi yi mana ɓarna. Hikimar haɗin ita ce, a bangon hanji akwai wata kafa da ke shigar da gishiri tare da sukari, sai sun zo tare take buɗewa, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa cikin jini. Gubar kwalara ba ta taɓa wannan kafa. Likitoci David Nalin da Richard Cash sun nuna amfaninta ga masu kwalara a Dhaka a 1968. A 1971 kuma, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan jijiya ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, sai ya sa 'yan uwan majinyata suna ba su haɗin da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi huɗu.

Tunda gishiri da sukari tare suke aiki, awon haɗin ba abin wasa ba ne. Ƙunshin da aka yi domin lita ɗaya a lita ɗaya ake zuba shi, wato ledar fiyawota biyu masu rabin lita, kuma a karanta jikin ƙunshin domin akwai na rabin lita. Idan ruwan ya gaza, gishiri ya yi yawa, yana iya jawo wa yaro jijjiga. Idan aka ƙara sukari don ya yi daɗi, sukarin zai janyo ruwa zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Wanda aka haɗa, idan ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo. Inda babu ƙunshin, ana iya zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba tozo, da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba majinyaci a kan hanyar asibiti.

A ce an kawo yaro ɗan shekara biyu da rabi mai nauyin kilo 12. Yana kuka, idanunsa sun faɗa, ya wawuri kofi, bugun jijiyarsa yana jin ƙarfi. Wannan matsakaici ne, kuma ƙa'idarsa mililita 75 ga kowane kilo cikin awa huɗu. Ke nan mililita 900, kusan lita guda, wato mililita 225 a kowace awa. Ba ɗura za a yi masa ba. Uwa za ta zauna da shi a cinya tana ba shi kurɓi kaɗan-kaɗan, ko cokali ɗaya duk minti ɗaya zuwa biyu. Idan ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba, a rage sauri. Mafi yawan abin da ya sha yana zama a ciki ko da ya yi aman. Idan yana shan nono, a ci gaba da ba shi.

Ga inda aka fi yin kuskure. Mililita 900 ɗin nan tsohon bashi ne, ruwan da ya riga ya zube kafin yaron ya iso. Gudawa kuwa ba ta tsaya ba, sabon bashi yana hawa a kowace awa. Don haka duk lokacin da ya sake zawo sai a ƙara masa mililita 100 zuwa 200 a kan lissafin farko. Ɗan ƙasa da shekara biyu kuma 50 zuwa 100, babba kuwa iya abin da zai iya sha. Ma'aikacin da ya rubuta 900 a kati ya wuce, bai dawo ba sai bayan awa huɗu, yana iya tarar da yaron ya fi yadda ya zo muni. Dole a leƙo shi aƙalla kowace awa, a sake duban ido da fata da jijiya, a tambayi uwa ko ya yi fitsari. Dawowar fitsari albishir ne, domin yana nuna jini ya koma isa ƙoda. Idan fatar idonsa ta fara kumbura, ruwan ya wadata, sai a dakata da haɗin a ba shi nono ko ruwan sha. Idan kuwa ya yi laƙwas ko ya daina sha, ya koma rukuni na uku, ba a jira cikar awa huɗun.

Mai tsananin rashin ruwa ta jijiya ake fara masa, da ruwan da ake kira Ringas laktet, mililita 100 ga kowane kilo. Magidanci mai kilo 50 zai sha lita biyar: lita ɗaya da rabi cikin rabin awar farko, sauran lita uku da rabi cikin awa biyu da rabi. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya a kan awa shida ake raba nasa. Sabon ma'aikaci yakan tsorata da wannan sauri ya rage gudun ruwan, amma ɗigo-ɗigo ba zai farfaɗo da wanda jijiyarsa ta ɓace ba. Da zarar majinyaci ya farka ya iya haɗiya, a miƙa masa kofi tun ledar tana rataye, domin haɗin baki yana ɗauke da sukari da sinadarin fotashiyam fiye da na ledar, kuma shi ne zai riƙe shi bayan an cire allura. Maganin kashe ƙwayar cuta yana rage kwanakin gudawa, haka ƙwayar zink ga ƙananan yara, amma duka biyun bayan ruwa suke zuwa.

Mai karatu, idan wani naka ya fara irin wannan gudawa, haɗa ruwan gishiri da sukari a fara ba shi tun daga gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya. Idan kun isa, faɗa wa ma'aikaci sau nawa ya yi zawo, nawa ya sha, da kuma yaushe rabonsa da fitsari.