Faifai Huɗu, Zaɓi Huɗu: Yadda Ake Lissafin RAID

A shekarar 1988, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka fitar da takardar da ta yayata sunan RAID, dabarar haɗa faifan ajiya da yawa su yi aiki tamkar guda. Sai dai sauri da sarari da jure lalacewa ba sa cika a tsari ɗaya.

A ɗauki faifai huɗu, kowanne terabayit 4, yana iya ƙananan rubutu 100 a daƙiƙa.

RAID 0 yana rarraba bayanai a kan dukansu, a samu terabayit 16 da rubutu 400 a daƙiƙa. Amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi.

RAID 5 yana sadaukar da sararin faifai ɗaya don lissafin kariya, ya bar terabayit 12. Dabarar mai sauƙi ce: idan an ajiye 3 da 5 da 2, aka kuma ajiye jimlarsu 10, ko an rasa 5 za a gano ta daga sauran. Kuɗin wannan kariya shi ne kowane ƙaramin rubutu yana cin aiki huɗu: a karanta tsohon bayani da tsohon lissafi, sannan a rubuta sababbinsu. Saboda haka 400 ÷ 4 = 100.

Babban haɗarinsa yana zuwa ne bayan an sa sabon faifai. Cika terabayit 4 a gudun megabayit 100 a daƙiƙa yana cin daƙiƙa 40,000, wato sama da awa 11, in ba a damu injin da wani aiki ba. Duk tsawon lokacin ana karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe, ga shi galibi rana ɗaya aka saye su, tare suka tsufa. Na biyu ya faɗi kafin a gama, an yi asarar komai. Wannan ne ya sa RAID 5 bai dace da manyan faifai ba.

RAID 6 da RAID 10 kuwa kunnen doki suke yi a nan, terabayit 8 kowanne, amma halinsu ya bambanta. RAID 6 yana ajiye lissafin kariya biyu, ya jure mutuwar kowane faifai biyu, sai dai rubutunsa 400 ÷ 6, kusan 67 kacal. RAID 10 yana yi wa kowane faifai tagwaye, rubutunsa 200. Idan ɗaya ya mutu, cikin ukun da suka rage akwai ɗan'uwansa, wanda in ya bi shi bayanan sun salwanta. Ajiyar hotuna da bidiyo ta fi dacewa da RAID 6, rumbun bayanan ciniki mai yawan rubutu kuma da RAID 10.

A Linux, umarnin `cat /proc/mdstat` yana nuna `[UUUU]` idan duk suna lafiya. Wanda ya ga `[UU_U]` ya tabbatar yana da kwafin bayanansa a wani wuri dabam kafin ya sauya faifan, domin babu tsarin RAID da ke dawo da fayil ɗin da aka goge da kuskure.