Bakin teku ko kan dutse: abin da ya kamata ku sani kafin ku zaɓi wurin hutu

Idan mazaunin Pantami ya samu hutun mako guda da ɗan guzuri, tambayar farko da ya kamata ya yi wa kansa ita ce: mene ne ya gajiyar da ni? Wani zafi ne ya gallabe shi, wani hayaniyar kasuwa da ƙarar Keke Napep, wani kuma jikinsa ne ya gaji da tsayuwa. Kowace gajiya da irin wurin da ke maganinta.

Wanda zafi da hayaniya suka dama, dutse ne nasa. Dalili kuwa shi ne duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. Tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba yana da tsayin kimanin mita 1,600, wato ya ɗara garin Gombe da fiye da mita 1,000. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, mutanen Gembu da Nguroje ke kwana da bargo. Ga shiru, ga gonakin shayi na Kakara, ga shanu suna kiwo a kan tudu, kuma Hausa da Fulatanci sun ishe ka ciniki.

Sai dai dutse yana karɓar harajinsa daga jiki. A ce malamin makaranta ne ke da kwana bakwai a Afrilu. Zai bi ta Kaltungo da Numan ya kwana a Jalingo, washegari ya wuce Bali da Serti, sannan daga Mayo Selbe mota ta fara hawan hanya mai lanƙwasa. Kwana biyu zuwa, biyu dawowa, uku ne kawai na hutun. Ga mai ƙarfi wannan ba laifi, amma ga tsoho mai ciwon gwiwa, ko mai juna biyu, ko yaro mai asma, wahalar tana iya rinjayar daɗin. Da damina kuma hazo kan rufe hanyar, don haka a duba birki, a yi tafiyar da rana, a kuma tambayi direbobin tasha halin tsaro kafin a tashi.

Bakin teku na mai son ya zauna ne kawai, ya miƙe ƙafa, ya huta da kai-komo. A Legas akwai Elegushi da ke Lekki, da Tarkwa Bay da ake shiga da kwalekwale, da gaɓar Badagry. Amma kada a je neman sanyi. Zafin can bai kai na Gombe ba, sai dai iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa. Shiru ma ba kullum ake samunsa ba: Asabar da Lahadi kiɗa ne da cunkoso, da irin shigar da mai iyali ba lalle ya so 'ya'yansa su gani ba. Mai neman natsuwa ya je da safe a ranar aiki, ya kuma kauce wa Yuni da Yuli, watannin da ruwan sama ya fi yawa a Legas.

Babban haɗarin shi ne ruwan kansa. Iya iyo a kogi bai isa ba, domin teku yana da wata igiya mai ja daga gaɓa zuwa ciki. Alamarta ita ce wani yanki da ruwa ya yi kamar ya kwanta tsakanin raƙuman ruwa, launinsa ya sauya, kumfa da tarkace suna tafiya ciki. Nan ne baƙo ke ɗauka ya fi aminci, alhali nan ne ya fi halakarwa. Idan ta ja mutum, kada ya yi kokawa da ita. Ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a kan rairayi, yara kuma kada a saki hannunsu.

Idan aljihu ko lokaci bai kai ba, jiharmu ma ba ta rasa nata ba. Tudun Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo yana ba da iska da kallon nesa, madatsar ruwa ta Dadin Kowa kuma tana ba da zaman bakin ruwa, duk a je a dawo a yini guda.

Saboda haka, mai gudun zafi da surutu, wanda ƙafarsa ke da ƙarfi, ya nufi dutse. Mai son ya ajiye jiki ya kalli ruwa, wanda zai jure laima da tsadar Legas, ya nufi teku. Ku lissafa kwanakin hanya kafin ku biya kuɗin mota, domin hutun da fiye da rabinsa ya ƙare a kan titi bai cika hutu ba.