Takardar da Ke Gaya wa Murya Yadda Za Ta Fita

A yawancin finafinan katun na Amurka, murya ake fara ɗauka kafin a zana motsin baki. Haka aka yi da Robin Williams a fim ɗin Aladdin na 1992, inda masu zane suka bi sawun abin da ya faɗa. Ke nan mai sa murya yakan shiga situdiyo ba hoto a gabansa, sau da yawa ma ba abokin magana. Abin da ke hannunsa shi ne takardar da darakta ya rubuto masa.

Takardar takan fara da bayanin wanda za a ara wa murya: shekarunsa, halinsa, da yadda harshensa yake. A ce katun ɗin Gizo ne. Duk wanda ya tashi da tatsuniya ya san Gizo da tsamin baki, amma dole a faɗi iyakarsa, domin in ya yi yawa yara ba za su gane maganar ba.

Daga nan sai a bi layi-layi, kowane da lambarsa. Ga layi na 14, misali: "Ƙoƙi, ba ni na ci ba." Daraktan da bai ƙware ba zai rubuta "cikin tsoro" ya wuce. Wannan bai isa ba, don tsoro iri-iri ne. Gwani zai rubuta cewa Gizo ne ya cinye tuwon, yana so Ƙoƙi ta zargi wani, tana tsaye dab da shi da muciya a hannu. Zai ce a ɗan dakata bayan kiran sunanta, kamar mai laluben ƙarya, sannan sauran maganar ta fito da sauri, a danna "ni". Nisan da ke tsakaninsu ma ba a barinsa, domin muryar da ake yi wa na kusa daban take da ta kiran wanda ke bayan gida. Haɗiyar yawu da haki su ma ana rubuta su, a ɗauke su daban.

Lokaci ya fi takura idan zanen ya riga ya kammala, kamar yadda aka saba a Japan, ko idan ana mayar da shiri zuwa Hausa. Fim na tafiya da hoto 24 a sakan guda, don haka bakin da ya motsa na hoto 48 ya ba da sakan biyu cif. Takardar za ta faɗi inda layin zai fara da inda zai tsaya, har da wurin da leɓɓa suka haɗu, don "b" ko "m" su faɗo a kai.

Nan Hausa ke da nata sharaɗi. Tsawon wasali da karin sauti na rarrabe ma'ana, shi ya sa matse jimla da gaggawa kan ɓata kalma. In layi ya ƙi shiga sakan biyun, gara a rage kalmominsa tun a takarda da a sa mai murya ya yi ta rige-rige da hoto.