Turke da Ma'auni: Yadda Ake Shirya Maɓallan Wasa Su Dace da Kowace Waya

Duk wanda ya taɓa riƙe waya a kwance yana buga wasan faɗa ko na tsere ya san idonsa biyu ne ke aiki. Ɗaya yana kan filin wasan, ɗayan kuma yana leƙen gefe: jan layin nan da ke can sama a hagu, wanda ke nuna yawan jinin da ya rage wa ɗan wasansa, da maɓallin tsalle ko na harbi da ke ƙasa a dama, daidai inda babban yatsa yake hutawa. Waɗannan kayan gefen fuska ba sa cikin duniyar wasan. Suna manne ne a saman hoton kamar takardar da aka liƙa a gilashin mota, mota tana tafiya, takardar tana nan inda take. Jera su a waya ɗaya abu ne mai sauƙi. Wahalar tana zuwa ne idan ana so wasa ɗaya ya zauna daidai a ƙaramar waya, da tabilet, da talabijin ɗin falo.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mai haɗa wasa yana aiki da Unity, ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi gina wasannin waya da su. Ya tsara fuskar wasansa a kan faɗin fiksel 1920 da tsayin 1080. Fiksel su ne ƙananan ɗigon haske da ke haɗuwa su ba da hoto. Ya zana sandar jini mai tsawon 400 da kaurin 40 a sama ta hagu. Ya sa maɓallin tsalle, 160 ta kowane gefe, a ƙasa ta dama, ya bar tazarar 48 tsakaninsa da bakin fuska. Idan aka ƙirga daga hagu, maɓallin ya fara ne daga fiksel na 1712.

To, sai a buɗe wasan a waya mai fiksel 1600 a faɗi da 720 a tsayi, wanda shi ne ma'aunin da yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun jama'armu suke da shi. Fuskar ta ƙare a 1600, maɓallin kuma yana 1712. Ya faɗa waje ke nan gaba ɗaya, ɗan wasa ba shi da abin dannawa. A babban talabijin mai fiksel 3840 kuma, maɓallin zai tsaya a tsakiyar hoto, sandar jinin da ta ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fuska ta koma kashi ɗaya cikin goma. Tushen matsalar ɗaya ne: an faɗa wa manhaja wurin da abu zai zauna da lambar da ba ta da ma'ana sai a fuska guda.

Maganin farko shi ne abin da ni nake kira turke. Akuyar da aka ɗaure, ko garken ya yi girma ko ya yi ƙanƙanta, nisanta da turkenta bai wuce tsawon igiyar ba. A Unity sunan wannan saiti Anchors, kuma ba a auna shi da fiksel. Ana auna shi daga 0 zuwa 1, inda 0 ke nufin bakin hagu ko ƙasa, 1 kuma bakin dama ko sama. Sai a kafa turken maɓallin tsalle a kusurwar dama ta ƙasa, a ce masa ya tsaya tazarar 48 daga nan. Sandar jini a ɗaure ta a kusurwar hagu ta sama. Agogon wasa a ɗaure shi a tsakiyar sama. Daga wannan lokaci, duk inda kusurwar ta koma, abin da aka ɗaure mata yana biye da ita.

Turke ya warware maganar wuri, amma girma yana nan. Wannan kuma aikin Canvas Scaler ne. Idan aka zaɓi Scale With Screen Size, aka rubuta 1920 da 1080 a Reference Resolution, lambobin mai zane sun daina zama fiksel na gaske, sun zama awo na tsari, manhajar kuma za ta ninka su da lamba ɗaya don su dace da fuskar da ke gabanta. A nan ne aikin yake da daɗi, domin tambayar ita ce: da wane gefe za a samo wannan lamba, da faɗi ko da tsayi?

Da a ce duk fuskoki siffarsu ɗaya, da tambayar ba ta taso ba. Amma tsarin mai zane yana kan 16 da 9, wayar nan doguwa ce mai 20 da 9, tabilet mai fiksel 2048 da 1536 kuwa yana kan 4 da 3, ya kusa zama murabba'i. Tela ya san wannan: mutum biyu suna iya zama tsayi ɗaya, amma rigar siriri ba za ta shiga mai ƙiba ba.

A wayar, idan aka bi faɗi, 1600 a raba da 1920 ya ba da kimanin 0.83. Komai zai ragu kaɗan kawai, amma tsayin da ya saura wa mai zane ya koma awo 864 maimakon 1080. Ya yi asarar 216, kuma a nan ne ake ganin maɓallan ƙasa suna hawa kan taswirar da ke sama. Idan aka bi tsayi, 720 a raba da 1080 ya ba da kimanin 0.67. Tsayi ya cika 1080 cif, faɗi kuma ya ƙaru zuwa 2400. An sami rarar fili a tsakiya, wanda ɗan wasa zai ji daɗinsa domin ya ƙara ganin abin da ke gabansa. Saboda haka ake yawan ba masu wasan kwance shawarar su bi tsayi.

Sai dai a tabilet lamarin juyawa yake yi. Bin tsayi a can yana matse faɗi zuwa awo 1440, asarar 480 ke nan, sandar jini da agogo da lambar maki su cunkushe a layi ɗaya. Akwai madannin Match da ake ja tsakanin 0 da 1 don a raba gardama, mutane da yawa kuma suna ajiye shi a 0.5. A ganina wannan rabin magani ne, domin yana rage asarar ta kowane ɓangare ba tare da ya kawar da ita ba. Na fi son zaɓin Expand a ƙarƙashin Screen Match Mode. Shi yana lissafa lambobin biyu ya ɗauki ƙaramar: 0.67 a wayar, 1.07 a tabilet. Ta haka filin zane ba ya taɓa gaza 1920 da 1080, sai dai ya yi rara ta gefe ɗaya, turke kuma ya kwashi kowane abu ya kai shi kusurwarsa.

Da wannan lissafi, sandar jininmu ta zama fiksel 267 a wayar, maɓallin tsalle kuma 107. A ido komai ya yi kyau. Amma yatsa bai san fiksel ba, milimita ya sani. Wayar da fuskarta take inci 6.5 da wannan yawan fiksel tana da kimanin fiksel 270 a kowane inci, don haka maɓallin tsalle ya kai kusan milimita 10. Ya isa. Ƙa'idar Google ga manhajojin Android ta nemi kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. Yanzu a duba ƙaramin maɓallin dakatar da wasa da aka zana a kan awo 80. A kwamfutar mai zane, da linzami, ba shi da laifi. A wayar ya koma fiksel 53, wato milimita 5 kacal. Alamar wannan cuta sananniya ce: mutum ya danna sau biyu, sau uku, kafin maɓallin ya amsa, ya ɗauka wayarsa ce ta fara lalacewa. Gyaran shi ne a kai shi awo 144, ko kuwa a bar hoton a ƙaraminsa amma a faɗaɗa filin da ke karɓar taɓawa a kewayensa, wanda ido ba ya gani.

Ita sandar jini tana da tata damuwar. Galibi hoto ne mai ado a baki da kusurwoyi masu lanƙwasa. Idan aka ja shi ya yi tsawo, kusurwoyin su ma sai su miƙe su zama kamar ƙwai. Dabarar ita ce a yanka hoton gida tara, kamar layi biyu a tsaye da biyu a kwance. Kusurwoyi huɗu ba a taɓa su, gefuna suna miƙewa ta fuska ɗaya, tsakiya kaɗai ke miƙewa ta ko'ina. A Unity wannan shi ne Image Type mai suna Sliced. Cikar sandar kuma kada a lissafa ta da fiksel. Idan jini 75 ya rage daga 120, rabon shi ne 0.625, sai a matsar da turken dama na jan layin zuwa 0.625 na tsawon gidansa. Ko sandar ta zama fiksel 267 ko 800, abin da ɗan wasa zai karanta ɗaya ne.

Akwai kuma abin da ya shigo bayan 2017, shekarar da iPhone X ta fito da ɗan yanki a saman fuska inda kyamara take. Yau wayoyi da dama suna da irin wannan yanki ko ƙaramin rami, ga kusurwoyi masu lanƙwasa. Idan aka kwantar da waya, kyamarar tana komawa gefen hagu ko dama, daidai unguwar da aka ɗaure sandar jini. Wayar da kanta tana faɗa wa wasa iyakar filin da babu abin da ya tare shi, Unity kuma tana ba da shi ta Screen.safeArea. Sai a yi babban faifai marar launi, a zuba dukkan maɓallai da sanduna a cikinsa, a ɗaure shi a kan wannan fili:

```
Rect s = Screen.safeArea;
panel.anchorMin = new Vector2(s.xMin / Screen.width, s.yMin / Screen.height);
panel.anchorMax = new Vector2(s.xMax / Screen.width, s.yMax / Screen.height);
```

Rabawa da faɗi da tsayi ita ce ke mayar da fiksel zuwa awon turke na 0 zuwa 1. Hoton wasan yana ci gaba da cika fuska har baki, kayan gefe ne kawai suke ja da baya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a yi lissafin sau ɗaya lokacin buɗe wasa. Da zarar ɗan wasa ya juya wayar don igiyar caji ta daina damun hannunsa, kyamarar ta koma ɗaya gefen, tazarar kuma ta tsaya inda ba a buƙatarta. Dole a sake lissafin duk lokacin da filin ya canja.

Gwaji ba ya buƙatar tarin wayoyi. Device Simulator na Unity yana nuna fuskokin na'urori iri-iri har da yankin kyamararsu, kuma siffa uku sun isa a fara da su: mai 4 da 3, mai 16 da 9, da doguwa mai 20 da 9. A kowacce a cika lambar maki da adadi mafi tsawo da wasan zai iya kaiwa, a ga ko ta taɓa agogo. A sauke jini zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, a ga ko jan layin yana nan ana ganinsa ko kusurwoyinsa sun murɗe. Girman maɓalli ne kaɗai ba a iya yanke masa hukunci a kwamfuta. Shi sai an tura wasan cikin mafi ƙanƙantar wayar da ake sa ran za a buga shi a kai, a miƙa wa mai manyan yatsu, a tsaya a bayansa ana ƙirga sau nawa ya kuskure.